Yadda ake rubuta wa abokin karatu saƙon neman zaman gwaji na dare kafin jarrabawar ƙwarewa

Ma'aikacin da jarrabawar ƙwarewa ke gabansa, ta akanta ce ko ta aikin jinya ko ta injiniya, ya san inda gizo ke saƙar. Littafi yana nan, niyya tana nan, lokaci ne babu. Da safe aiki, da yamma gajiya da hidimar gida, sai dare ya yi sannan mutum ya samu kansa. Shi ya sa da yawa ke tunanin haɗa kai da wani abokin karatu su riƙa yi wa juna tambayoyi ta intanet sau ɗaya a mako. Shawarar tana da kyau, amma sau da yawa a saƙon farko take mutuwa. Ka rubuta "ya kamata fa mu riƙa haɗuwa muna bita", ya amsa "wallahi gaskiya ne", shi ke nan. Babu wanda ya ƙi, babu kuma abin da ya faru har jarrabawa ta ƙarato.

Dalilin mutuwarta shi ne ka miƙa wa mutumin da ya gaji aikin tunani: wace rana, ƙarfe nawa, a ina, wa zai kawo tambayoyi? Saƙon da ke aiki shi ne wanda ka riga ka yi duk wannan tunanin kafin ka tura, yadda abokinka zai iya amsawa da "to", ko "a'a", ko ya canza abu ɗaya tak. Don haka mafi yawan aikin a takarda za ka yi shi, kafin ka taɓa waya.

Mataki na farko: ƙirga makonni, ka raba manhajar

Ɗauki kalanda ka fara ƙirga daga ranar jarrabawa ka yo baya. A ce saura mako goma. Makon da kake ciki na shiri ne, da wuya a yi zama a cikinsa. Makon ƙarshe kuma ka bar wa kowa ya yi bitar kansa ya kuma samu barci. Saura takwas, wato zama takwas ke nan kuke da shi. Wannan lambar ita ce za ta fara shiga saƙonka, domin mutum ya fi saurin amincewa da abin da ya ga ƙarshensa. "Kowane mako" nauyi ne da ba a san ranar sauke shi ba. "Zama takwas" kuwa ana iya ɗauka.

Sai ka buɗe manhajar da hukumar jarrabawar ta fitar. A ce ɓangarori shida ne. Zama shida na farko kowanne ya ɗauki ɓangare guda, biyun ƙarshe a gauraya komai kamar yadda zai zo a ranar. Idan hukumar ta nuna kason maki na kowane ɓangare, ka fara da mafi nauyi. Dalili kuwa, abin da aka yi a zaman farko shi zai fi samun maimaici a zamannin da ke biye, kuma idan tafiyar ta tsinke a tsakiya, kun riga kun ci gajiyar ɓangaren da ya fi maki.

Mataki na biyu: tsayar da lokaci, har da lokacin tashi

Kada ka rubuta "da daddare". Dare yana da faɗi. Ka zaɓi rana ɗaya da sa'a ɗaya, ka ajiye wata a gefe a matsayin madadi. Misali Laraba, ƙarfe 9:30 zuwa 10:30, idan ba ta yi ba Alhamis. Tsakiyar mako ya fi ƙarshensa, saboda ƙarshen mako ne ake cika tafiye-tafiye da baƙi. Idan abokinka mai aikin karɓa-karɓa ne, ka tambaye shi jadawalinsa tun kafin ka zaɓi ranar. Idan kuma ba ƙasa ɗaya kuke ba, ka rubuta lokacin da agogon kowannenku.

Lokacin tashi ya fi na farawa muhimmanci a zaman dare. Wanda zai fita aiki da sassafe abin da yake tsoro shi ne a ja shi har sha biyun dare, ya wayi gari da ciwon kai. Ga shi kuma barci yana daga cikin abin da ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa, don haka zaman da ya ci barci ya rage amfanin kansa. Ka faɗa a fili cewa ƙarfe 10:30 za a tashi ko an gama ko ba a gama ba, kuma ka kasance kai ne mai fara cika wannan alkawari. Sa'a ɗaya ta isa. Bayan aikin yini guda, abin da ya wuce haka yawanci hira ce da hamma.

Mataki na uku: tsara abin da za a yi a cikin sa'ar

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zaman gwaji ya bambanta da karatu tare. Ba za ku haɗu don wani ya karanta wa wani littafi ba. Za ku haɗu ne don kowa ya ciro amsa daga kansa, littafi a rufe. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun wallafa wani bincike a 2006 inda suka kwatanta ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta wani rubutu da waɗanda suka karanta shi a zama ɗaya kacal sannan aka yi ta gwada su. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sai reshe ya juye da mujiya: waɗanda aka gwada sun tuna kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kusan kashi 40. Abin lura shi ne masu maimaitawar su ne suka fi jin cewa za su tuna. Maimaita karatu yana sa ka ji ka iya, gwaji ne ke nuna maka ko ka iya ɗin.

Yawan tambayoyin kuma daga jarrabawar kanta za ka ciro shi. A ce tambaya 100 ce ta zaɓi cikin awa biyu. Minti 120 daƙiƙa 7,200 ne, ka raba da 100, kowace tambaya ta samu daƙiƙa 72. Tambaya 15 ke nan za ta ci minti 18. Da wannan sai sa'ar ta tsaru kamar haka:

- 9:30 zuwa 9:35, shiga da gaisawa da gwada murya.
- 9:35 zuwa 9:40, tsofaffin tambayoyin da aka kasa ci a baya, kamar huɗu ko biyar, da baki.
- 9:40 zuwa 9:58, sababbin tambayoyi 15, kowa shiru, agogo yana tafiya.
- 9:58 zuwa 10:25, duba amsoshi da tattaunawa.
- 10:25 zuwa 10:30, rubuta maki da tabbatar da ɓangaren mako mai zuwa.

Ka lura cewa tattaunawa ta fi gwajin kansa tsawo. Da gangan ne. Sanin cewa ka ci tara cikin sha biyar bai ƙara maka ilimi ba. Abin da ke ƙarawa shi ne ka faɗi dalilin da ya sa ka zaɓi amsar da ka zaɓa, abokinka ya nuna maka inda tunanin ya karkace. Akwai wata dabara da nake ganin ta fi komai amfani a nan: yayin amsawa, kowa ya sa alama a gefen tambayar da ya yi canki-canka a kanta. Tambayar da ka ci da sa'a ramin da aka rufe da ciyawa ce, dole a tattauna ta kamar wadda aka faɗi. Wadda kuma ka faɗi alhali kana da yaƙinin ka iya, ita za a fara da ita, domin kuskuren fahimta ne da ya zauna, ba mantuwa ba.

Sai batun wa zai kawo tambayoyi. Hanya biyu ce. Ta farko, kowa ya haɗa wa ɗan'uwansa 15, ku yi musaya, kowa ya amsa na ɗayan. Haɗa tambaya karatu ne mai zaman kansa, sai dai yana cin lokaci, kuma mai aiki yakan gaza a mako na uku. Ta biyu, ku ɗauko daga tsofaffin takardun da hukumar ta saki ko littafin atisaye, ku yi alkawarin babu mai leƙa wannan shafin kafin zama. Ga masu aiki na fi son ta biyu, saboda babu wanda zai fasa zama don kunyar bai shirya ba. Abu ɗaya ne za ku kiyaye: hukumomin jarrabawa da yawa sun hana yaɗa tambayoyin da aka kwaso daga ɗakin jarrabawa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga soke sakamako. Ku tsaya ga abin da aka wallafa a fili.

Mataki na huɗu: zaɓi wurin haɗuwa, ka gwada shi

Wannan ba ya buƙatar dogon tunani, amma akwai tarko guda. Zoom na kyauta yana yanke zama bayan minti 40, ko da ku biyu ne, wato daidai tsakiyar tattaunawarku. Google Meet ba ya yanke kiran mutum biyu a cikin sa'a, amma idan kun kai uku a asusun kyauta iyakarsa minti 60. Kiran WhatsApp ma ya wadatar ga mutum biyu. Idan sabis yana rawa, ku kashe bidiyo ku bar murya, domin bidiyo ne ke shan data. Tambayoyin kuma ana iya tura hotonsu daidai 9:40, ko a zuba su a Google Forms a kunna `Make this a quiz` a ƙarƙashin `Settings` don ya fitar da maki da kansa. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta a saƙon. Kada ka jera masa uku ka ce ya zaɓa.

Mataki na biyar: rubuta saƙon

Yanzu komai yana hannunka. Saƙon ya ƙunshi gaisuwa, dalilin da ya sa shi ka zaɓa, shawarar da lambobinta, abin da kai za ka ɗauka, ƙofar fita, da ranar da kake jiran amsa. Ga yadda zai kasance tsakanin sa'o'in juna:

"Barka da dare, abokina. Ya aiki, ya iyali? Na duba kalanda na ga saura mako goma jarrabawarmu, ni kuma karatun ni kaɗai ba ya nuna mini inda nake da rauni. Na lura kai ɓangaren lissafi ya zauna maka, ni kuma na fi sakewa a ɓangaren dokoki, sai na ga za mu amfani juna. Ga shawarata: kowace Laraba, 9:30 zuwa 10:30 na dare, mu haɗu a Google Meet mu amsa tambaya 15 daga tsofaffin takardu cikin minti 18, sauran lokacin mu duba inda muka faɗi. Zama takwas ne gaba ɗaya, kuma 10:30 za mu tashi ko ba mu gama ba, na san kana fita da wuri. Ni zan shirya tambayoyin makon farko in turo adireshin shiga, kai dai ka karanta ɓangare na ɗaya. Mu gwada zama biyu tukuna, in bai yi maka ba mu bari, babu komai. Idan Laraba ba ta yi ba, Alhamis ma ta yi mini. Ka sanar da ni kafin Lahadi don in san yadda zan tsara makon."

Ka ga jimlar da ta ce "kai lissafi, ni dokoki". Ita ce ke nuna masa cewa ba jingina za ka yi da shi ba, kuma ba darasi za ka ba shi ba. Sai dai ta zama gaskiya. In ba ka san ƙarfinsa ba, ka faɗi abin da ka gani da idonka, kamar cewa ka lura ba ya fashin darasi. Jimlar "ni zan shirya na makon farko" kuma tana sauke masa nauyin farawa, wanda shi ne mafi wuya. Ita kuwa "mu gwada zama biyu" tana kare zumuncinku. Mutum yakan yi shiru da saƙo saboda yana jin nauyin cewa a'a, amma in ka buɗe masa ƙofa da kanka, sai ya amsa da gaskiyarsa, ko da amsar a'a ce, kai kuma ka samu lokacin neman wani.

Idan wanda kake rubuta wa ya girme ka ko yana gaba da kai a wurin aiki, lambobin ba za su canza ba, harshen ne zai canza. Ka fara da "Ranka ya daɗe, barka da yamma" ko "Yaya, ina wuni", ka mayar da "ga shawarata" ta koma "ina neman shawararku kan wani tsari, idan lokacinku zai bari". Ka bar masa zaɓin ranar a cikin biyun da ka kawo. Idan kuma mace ce kai namiji, ko akasin haka, ka tuna kiran dare abu ne da ya shafi mutanen gidan kowa. Ka ambata tun a saƙon cewa murya kawai ta isa, kuma ana iya ƙara mutum na uku, ko a matso da lokacin. Gara kai ka kawo maganar, maimakon ta tsaya tana neman yadda za ta faɗa.

Ka tura shi a rubuce, a dunƙule guda, ba saƙon murya ba. Rana da lokaci abu ne da mutum zai so ya koma ya duba, kuma babu mai son sake sauraron minti uku don neman "ƙarfe nawa ma ya ce". Ka tura da yamma bayan tashi daga aiki, lokacin da zai iya duba jadawalinsa a natse.

Mataki na shida: abin da za ka yi da amsar

Idan ya ce to, kada ka bar abin ya huce. Nan take ka tura gayyatar kalanda mai maimaita kanta har sau takwas, da adireshin shiga guda ɗaya da ba zai riƙa canzawa ba, da jerin ɓangarorin kowane mako. A nan ne kuma za ku yi yarjejeniyar fashi, tun ba a yi fashin ba: wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa kafin ƙarfe shida na yammar ranar, zaman ya koma ranar madadi a makon, kuma wanda ya jira minti goma bai ga kowa ba ya amsa tambayoyin shi kaɗai ya tura makinsa. Ban sa wannan a saƙon farko ba da gangan, domin dokoki kafin amincewa suna sa gayyata ta yi kama da takardar kwangila.

Idan ya ce "bari mu gani", ka tambaye shi abu ɗaya: lokacin ne matsala ko tsarin? Sau da yawa rabin sa'a ne kawai ke tsakani. Idan ya yi shiru har Lahadi ta wuce, tuni ɗaya ya isa: "Abokina, ina tuni kan zancen Laraba. In bai yiwu ba babu damuwa, ka dai sanar da ni." In shirun ya ci gaba, ka ɗauke shi a matsayin amsa, ka tura wa wani saƙon, domin kowane mako na jira zama ɗaya ne ya fita daga takwas ɗin.

Yadda za ka gane ko zaman yana aiki

Ku buɗe takarda guda da ku biyu ke iya gani, mai layi huɗu: kwanan wata, ɓangare, makin kowa, da lambobin tambayoyin da aka faɗi ko aka canka. Daga wannan layin na ƙarshe ake ɗauko tsofaffin tambayoyin minti biyar na farkon zama. Tambaya ba ta fita daga jerin sai an ci ta a zama biyu daban-daban.

Kada makin sababbin tambayoyi ya ruɗe ku. Tunda kowane mako sabon ɓangare ne, yana iya hawa ya sauka ba tare da ya nuna komai ba. A ce ka ci 11 a makon farko, 8 a na biyu. Wannan ba koma-baya ba ne, wataƙila ɓangare na biyu ne ya fi maka tsauri. Ma'aunin gaskiya shi ne tsofaffin tambayoyin. Idan abin da ka faɗi a mako na biyu ka sake faɗuwa a kansa a na uku da na huɗu, to tattaunawar ba ta shiga ba: ana faɗa maka amsar ne kana gyaɗa kai. Gyaran shi ne wanda ya faɗi tambayar shi zai yi bayanin amsar daidai da bakinsa bayan an nuna masa, ba wanda ya ci ba.

Akwai alamu biyu kuma na lalacewa. Ta farko, gaisuwar minti biyar ta fara zama sha biyar, labarin ofis ya cinye gwaji. Maganinta a sa ƙararrawar waya a 9:35, kuma a yarda cewa hira sai bayan 10:30 ga mai sauran ƙarfi. Ta biyu, ku biyun kuna cin 14 ko 15 kowane mako. Abin yana da daɗi, amma yawanci ma'anarsa tambayoyin sun fi na jarrabawa sauƙi, ko an taɓa ganinsu. Ku canza inda kuke ɗaukowa. Idan kuma kuka yi saɓani kan wata amsa, kada ku ɓata minti goma kuna ja-in-ja. Ku ba ta minti biyu, ku rubuta lambarta, mutum ɗaya ya duba littafin da hukumar ta amince da shi ya turo hoton shafin washegari.

Bayan zama na biyu, ka cika alkawarin da ka ɗauka a saƙon farko, ka tambaye shi kai tsaye: "Mun yi biyun da muka ce. Mu ci gaba haka, ko akwai abin da za mu gyara?" Idan ya ce a ci gaba, ku raba shirya tambayoyin shidan da suka rage, mako ɗaya kai, mako ɗaya shi, ku rubuta sunan kowa a gefen ranarsa a cikin takardar makin.